Yadda tallan miya da littafin kwamik suka shiga gidajen adana zane

"Malam, sana'ata buga riguna da rubuta allon shago a Kano. Na ga hoton wani zane na Roy Lichtenstein, wata yarinya tana hawaye a cikin ruwa, aka ce daga littafin kwamik ya kwafo shi, kuma yana rataye a babban gidan adana zane na New York. Na kuma ga gwangwanayen miya na Andy Warhol. Mu kullum tambarin kamfani muke kwafa, ba wanda ya taɓa kiran mu masu fasaha. Me suka yi da ya bambanta da namu? Kuma wannan ba satar aikin wani ba ce?"

Ɗan'uwa, mutanen nan daga cikin sana'arka suka fito. Warhol ya shafe shekarun 1950 yana zanen talla, musamman tallan takalman mata ga kamfanin I. Miller a New York, da shi ya yi suna ya kuma tara kuɗi tun kafin wani ya ɗauke shi mai zanen baje koli. James Rosenquist, wani jigo a wannan salo da ake kira Fof, a kan tsani ya koyi aiki, yana fentin manyan allunan talla a dandalin Times Square. Saboda haka ta fuskar hannu da kayan aiki ba su fi ka da komai ba. Inda hanya ta rabu shi ne aikin da aka ɗora wa hoton. Idan mai shago ya sa ka zana kwalbar lemo, burinsa mai wucewa ya ga allon, ƙishirwa ta kama shi, ya shigo ya saya. Allon ya yi nasara idan mutum ya manta da allon ya tuna da lemon. Su kuwa sun ɗauko hoton nan ne suka cire shi daga bakin aikinsa, suka tsayar da mutum a gabansa don ya kalli yadda aka ƙera shi da abin da yake yi wa zuciya. Wannan a baki yana da sauƙin faɗi, don haka zan bi zanen yarinyar da ka gani dalla-dalla, ka ga inda aikin yake. Amma sai ka san halin da suka tarar tukuna.

Abin da suka tarar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, zanen da ake girmamawa a New York shi ne wanda ba ya kwaikwayon siffar komai. Jackson Pollock yana shimfiɗa kanbas a ƙasa yana yayyafa fenti, Mark Rothko yana jera manyan filayen launi. Akidar ita ce zane na gaskiya daga cikin ran mai zane yake fitowa, kuma kowane jan burushi shaida ce ta halin da yake ciki. Masu sharhin da ake ji da su, musamman Clement Greenberg, sun ja layi mai kauri tsakanin wannan da kayan kasuwa: bangon mujalla, talla, kwamik da finafinan Hollywood duk tarkace ne a wurinsu, abin da masana'antu ke ƙerawa don talakan da ba shi da lokacin tunani.

A daidai lokacin kuma tarkacen nan ya mamaye rayuwar kowa. A 1950 gida ɗaya cikin goma ma bai cika yana da talabijin a Amurka ba. Zuwa 1960 kusan tara cikin goma suna da ita. Manyan kantuna sun cika da kaya iri ɗaya jere a kan kanta, kowane da tambarinsa. Yaron da ya tashi a wannan zamani ya ga hoton gwangwani da fuskar 'yar fim sau dubbai kafin ya ga zanen fenti ko ɗaya. Sai tambaya ta taso wa matasan masu zane: idan aikinmu shi ne zana duniyar da muke gani, don me za mu kauda kai daga abin da ya fi cika mana ido?

Abin lura, a Landan aka fara yin tambayar, inda aka ci gaba da rabon abinci da kati har 1954, mujallun Amurka masu launi kuma suka zama kamar leƙen wata duniya ta wadata. Wasu matasa da ke haɗuwa tun 1952 da sunan Independent Group suka riƙa yanke hotunan talla suna nazari. A 1956 ɗayansu, Richard Hamilton, ya haɗa wani ɗan ƙaramin aiki na yanke-da-manne, bai kai tsawon takardar ofis ba, don baje kolin This Is Tomorrow a zauren Whitechapel: falo ne cike da talabijin, rakoda, gwangwanin nama, injin shara, da bangon littafin kwamik rataye a bango cikin firam kamar zanen manya. Na Landan sun kalli kayan ne daga nesa, cikin sha'awa. Na New York a cikinsu suke kwana suke tashi, shi ya sa nasu ya fito ƙato, ya kuma fito da sanyi.

Abin da Lichtenstein ya yi wa yarinyar

Zanen da ka gani sunansa Drowning Girl, an yi shi a 1963, yana gidan adana zanen zamani na New York da ake kira MoMA. Tsawonsa da faɗinsa kowanne kimanin santimita 170 ne, wato tsayin mutum. Tushensa shafin farko ne na wani labarin soyayya a mujallar Secret Hearts lamba 83, ta kamfanin DC, wadda ta fito a 1962, kuma wanda ya zana shafin sunansa Tony Abruzzo. Ka riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

A shafin Abruzzo akwai labari cikakke. Yarinyar tana gaba a cikin ruwa, can baya ga saurayinta yana riƙe da kwalekwalen da ya kife. Tunanin da aka rubuta a kanta yana cewa ba ta damu ba ko da jijiyarta ta ɗaure, gara ta nutse da ta kira Mal ya cece ta. Mai karatu ya san dalilin nutsewarta, ya ga mai ceto a kusa, ya san idan ya juya shafi za a sasanta. Shafin an yi shi ne don a juya shi.

Lichtenstein ya yanke saurayin da kwalekwalen gaba ɗaya. Ya matso da firam har kan yarinyar da kafaɗarta da hannu ɗaya suka cika kanbas, babu sama, babu gaɓa, ruwa ne kawai ta kowane ɓangare. Ya cire maganar ɗaurewar jijiya, ya bar "Ban damu ba! Gara in nutse da in kira Brad ya cece ni!" Ya sauya sunan saurayin daga Mal zuwa Brad, suna mai ƙamshin jarumin fim. Ka duba abin da waɗannan 'yan gyare-gyare suka haifar. Babu sauran dalili na jiki, babu mai ceto a gani, babu shafi na gaba. Abin da ya rage zallar fushi ne da girman kai da hawaye, an daskarar da su wuri ɗaya. Ya kuma sake tsara igiyoyin ruwan suka zama layuka masu lanƙwasa da ke zagaye fuskar, kuma shi da kansa ya ce ya yi su ne da tunanin shahararren hoton igiyar teku na Hokusai, mai zanen Japan. A ganina yankan nan shi ne rabin aikin. Wanda ya taɓa tsara allo ya san cire abu ya fi ƙara abu wuya.

Sauran rabin yana wajen yadda aka shafa fentin. Tsarin aikinsa sananne ne. Yakan fara sake zana hoton da fensir a ƙaramar takarda, da hannu, a nan yake yin sauye-sauyensa. Sai ya sa takardar a majigi ya haska ta a kan kanbas, ya bi layukan da fensir, ya kashe majigin ya ci gaba da gyara da ido. Daga nan ya rufe wuraren da ba ya son ɗigo, ya ɗora farantin ƙarfe mai huda-huda a jere, ya goga fenti ta cikin hudojin. A farkon shekarun da buroshin haƙori yake gogawa. Bayan ɗigo sai launuka masu cika wuri, baƙin layi kuma shi ne na ƙarshe. Yana yawan amfani da wani fenti mai suna Magna saboda yana bushewa sumul kuma ana iya goge shi tas da man tsinka fenti, ba ya barin alamar gyara.

Ɗigon nan su ne zuciyar maganar. A maɗaba'ar kwamik tawada huɗu ce kawai: baƙi, ja, shuɗi da rawaya. Idan ana son launin fata, ba a da tawadar fata, sai a buga ƙananan ɗigo na ja a kan farar takarda, ido ya gauraya su daga nesa. Dabara ce ta rage kuɗi, kuma an yi ta ne don kada a lura da ita. Lichtenstein ya ɗauki abin da aka ɓoye ya mai da shi abin kallo. Idan ka tsaya gaban fuskar yarinyar, ba fata kake gani ba, jerin ɗigo kake gani kamar na inji, a kansu kuma ga hawaye. Nan ne zanen yake kama mutum: motsin rai mafi zafi, an faɗe shi da harshe mafi sanyi. Kamar a ɗauko kirarin mai tallan magani daga tsakiyar kasuwa a rera shi a hankali a zauren sarki. Kalmomin ba su sauya ba, amma yanzu kowa yana jin yadda aka saƙa su don su ja hankali. Kuma ka tuna wa yake mayar wa martani. Manyansa sun ce alamar burushi ita ce shaidar gaskiyar mai zane. Shi ya zauna kwana da kwanaki da hannu yana share duk wata alamar hannu.

Ina sa ɗalibaina su gwada wannan, don wanda bai gwada ba yakan ɗauka majigi ne ya yi aikin. Abin da ke faruwa kusan kullum iri ɗaya ne. Hoton da aka ninka girmansa fiye da sau goma yana wargajewa. Layin da ke da kyau a ƙaramin shafi yakan zama ƙaton abu mai karkarwa, inda alƙalamin mai zanen asali ya ɗan zame sai ya koma rami. Ido biyu da suka yi daidai a ƙarami sai ka ga ɗaya ya fi ɗaya. Dole a sake yanke hukunci kan kowane layi: ina zai yi kauri, ina zai sirance, ina zai tsaya. Ɗigon ma haka. Idan fentin ya yi ruwa sai ya malala ƙarƙashin farantin, ɗigo su haɗe su zama tabo. Idan aka ɗaga farantin aka matsa gaba ba a daidaita layin hudoji ba, sai wani tsiri ya bayyana a fuskar kamar ɗinki. Kuma girman ɗigon zaɓi ne: idan sun yi ƙanana sai su narke su zama ruwan hoda, maganar ta ɓace; idan sun yi manya sai fuskar ta ɓace. Da wannan nake gane aikin da aka yi tunani a kansa da wanda aka bi layin majigi kawai. Na biyun, ko da ya yi tsaf, idan ka ja baya sai ka ga nauyin hoton ya karkata gefe ɗaya, don an tsara asalinsa ne ya zauna cikin shafi tare da wasu hotuna.

Ba kowa ya yarda ba a lokacin. A farkon 1964 mujallar Life ta buga labari a kansa da kanun da ke tambaya ko shi ne mafi munin mai zane a Amurka.

Warhol da raga

Gwangwanayen miya na Campbell's guda 32 ne, kanbas ɗaya ga kowane irin miya da kamfanin ke sayarwa a lokacin, kowanne kimanin santimita 51 da 41. An fara nuna su a zauren Ferus na Los Angeles a watan Yuli 1962, an jera su a kan wata siririyar kanta kamar a kanti, ana neman dala 100 kan kowanne. Da hannu aka zana su, sai 'yan furannin da ke zagaye gindin gwangwanin da aka buga da hatimi. A nan dabarar tana cikin yawan. Gwangwani ɗaya zanen kaya ne irin wanda aka saba. Talatin da biyu masu kama ɗaya, da ba abin da ya raba su sai sunan miyar, suna sa ka tsaya kana neman bambanci kamar mai sayayya, sai ka farga cewa zaɓin da ake ba ka a kanti kusan duk abu ɗaya ne.

Bayan 'yan makonni Warhol ya koma ga abin da ka fi ni sani, bugu da raga. 'Yar fim Marilyn Monroe ta mutu a watan Agusta 1962, ya ɗauko wani hotonta na tallan fim na 1953, ya yanke shi ya bar fuska, ya aika wa masu sana'a suka ƙona masa shi a raga, kamar yadda kake shafa maganin nan mai daskarewa da haske ka shanya. Tsarinsa shi ne ya fara shafa launuka da hannu a kan kanbas, rawaya wurin gashi, ruwan hoda wurin fuska, ja wurin leɓe, sannan ya ɗora ragar baƙi a kai ya ja roba. A Marilyn Diptych, wanda ke gidan Tate a Landan, fuskar ta fito sau 50: 25 masu launi a hagu, 25 baƙi da fari a dama.

Ka kalli ɓangaren dama da idon mai sana'a. Akwai jerin da tawada ta yi yawa ta toshe fuskar ta yi baƙi ƙirin. Daga nan zuwa gefe tawadar tana ƙarewa, fuskar tana dusashewa har ta kusa ɓacewa. A hagu kuma jan leɓe bai zauna daidai kan leɓe ba. Duk waɗannan su ne kurakuran da idan suka fito a rigar mai oda, zai dawo maka da ita. Warhol ya bar su, kuma su ne suke magana: mace ce da aka buga hotonta har ya gaji, fentin fuska yana zamewa daga kan mutum, kuma ta mutu. Ban yarda da masu cewa ba ya nufin komai ba. Mutumin da ya bi wannan da jerin hotunan haɗarin mota da kujerar kisa ta lantarki, yana maimaita su har ido ya saba, ya san abin da maimaici ke yi wa tausayi.

A 1964 ya kai abin ƙarshensa da akwatunan Brillo: akwatunan katako da aka yi wa fenti da bugu suka yi kama da kwalin soson ƙarfe na wanke tukunya, aka tara su a zauren Stable kamar sito. Masanin falsafa Arthur Danto ya gan su ya yi tambayar da ta yi kama da taka: idan ido ba zai iya raba wannan da na kanti ba, me ya sa ɗaya fasaha ne ɗaya kwali? Amsarsa ita ce bambancin ba a ido yake ba, yana cikin tarihi da muhawarar da aikin ya shiga. Akwai gaskiya a nan, akwai kuma abin da ke damuna, domin ma'anarsa ita ce wanda ba ya cikin zauren da ake muhawarar, ko me ya ƙera, ba za a ji shi ba.

Maganar sata

A nan ba zan kare su gaba ɗaya ba. Dole a raba abu biyu. Tambarin Campbell's kowa ya san na waye, kuma zanen ba ya aiki sai ka gane shi. Ba a ɓoye komai ba, kamfanin ma bai yi ƙara ba, wani jami'insa har wasiƙar yabo ya aika wa Warhol a 1964. Amma shafin Abruzzo ba tambari ba ne, zanen mutum ne mai ƙwarewa. Yanayin fuskar, karkatar kan, hawayen, duk shi ya ƙirƙiro su. Masu zanen kwamik na lokacin ana biyan su ne kan kowane shafi, sau da yawa ba a ko buga sunansu, haƙƙin mallaka kuma na kamfani ne. Lichtenstein bai rubuta sunan Abruzzo a ko'ina ba. Haka ya yi da Irv Novick, wanda daga zanensa na jiragen yaƙi ya ɗauko zanen Whaam! na 1963 da Tate ta saya a 1966. Russ Heath, wani da aka ɗauki zanensa, ya tsufa cikin rashi har sai da wata ƙungiyar taimakon masu zanen kwamik ta tallafa masa. Shi kuwa kwalin Brillo, wanda ya tsara shi James Harvey ne, mai zane irin na su Pollock da ke aikin talla don ya ci abinci.

Hukuncina shi ne Drowning Girl sabon aiki ne na gaske, don yana faɗin abin da shafin asali bai faɗa ba, kuma duk da haka an ci haƙƙin Abruzzo na ambato. Abu biyun suna tare. Salon da ya zo ya ce a daina raina kayan kasuwa, shi ma ya ɗauki masu yin kayan a matsayin marasa suna, kamar hotunan daga sama suka faɗo. Ambaton sunan ba zai rage wa zanen komai ba.

Ta fuskar shari'a, masu ɗaukar hoto ne suka fi tayar da magana. Patricia Caulfield ta kai Warhol ƙara a 1966 kan hoton furanninta da ya yi amfani da shi, aka sasanta a wajen kotu. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ba Lynn Goldsmith gaskiya kan hoton mawaƙi Prince da ta ɗauka a 1981. An biya ta dala 400 a 1984 don a yi amfani da hoton sau ɗaya, Warhol ya yi jerin ayyuka da shi, sannan a 2016 gidauniyarsa ta karɓi dala 10,000 ta ba wata mujalla ɗaya daga ciki ta sa a bango. Kotun ta ce a wannan cinikin aikin Warhol da hoton Goldsmith abu ɗaya suke yi, wato kwatanta Prince a mujalla, don haka ya shiga kasuwarta. Ta kuma kawo gwangwanayen miya a matsayin misalin akasin haka, domin su ba miya suke tallatawa ba, sharhi suke yi kan sayayya. Wannan dokar Amurka ce, kuma ni malamin zane ne. Idan magana ta kai ga sayar da aiki mai tambarin wani a Nijeriya, lauya za ka nema.

Kuɗin, da kuma kai

Duk abin da na faɗa yana bayyana dalilin da zanen ya cancanci kallo. Ba ya bayyana farashi. Irving Blum na zauren Ferus ya haɗa gwangwanayen 32 ya saye su a kan dala 1,000, a 1996 suka koma MoMA a cinikin da aka ƙiyasta dala miliyan 15. A 2022 an sayar da wani Marilyn ɗaya a kan dala miliyan 195. Wannan aikin dillalai ne irin su Leo Castelli, wanda ya baje kolin zane-zanen kwamik na Lichtenstein a 1962, da attajiran da suka saya da wuri, da gidajen adanawa da suka sa hatimi, da kasancewar New York cibiyar kuɗin duniya. Da a wani gari aka yi aikin nan a shekarar, mai yiwuwa da ba mu ji labarinsa ba. Ka dubi Ghana: a shekarun 1980 da 1990 masu rubuta allo sun riƙa zana fastocin fim da hannu a kan buhunan fulawa don masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye. Yau ana baje su a Turai da Amurka, amma sai da masu saye daga waje suka zo suka ce abin kallo ne.

Idan kana son gwada irin wannan aiki, kada ka sake zana Marilyn ko gwangwanin Campbell's. Waɗannan hotunan rayuwar wasu ne a wani zamani, kuma ƙarfinsu ya zo ne daga cewa mai kallo ya gan su a kicin ɗinsa da safe. Ka nemi hoton da mutanen unguwarka suka gani har suka daina ganinsa: ledar ruwa, katin waya da aka kankare, gwangwanin tumatir, fastar zaɓe da rana ta cinye aka manna wata a kanta. Ka ɗauki hoton da kanka, don ya zama naka tun daga tushe. Sannan ka yi wa kanka tambayoyin da Lichtenstein ya amsa da almakashi: me zan yanke, wane girma, sau nawa, wace alamar inji zan bari a gani? Idan fastar zaɓe ce, alal misali, ka ƙona raga ɗaya ta fuskar da ba ta kowa ba, ka buga ta a jere a kan yadi ɗaya ba tare da ƙara tawada ba, ka bar ta tana dusashewa daga bugu zuwa bugu, ka kuma bar launin hula ya zame daga layinsa da gangan. Ka yi gwaji a takarda tukuna, domin zamewar da ta yi kaɗan kuskure za a ɗauke ta, wadda ta yi yawa kuma fuskar za ta rushe. A hoton da ya kai faɗin tafin hannu biyu, ni daga milimita uku zuwa biyar nake farawa, sannan in ja baya in duba.